Na'ura ta ce 150, amma kantun na kama haƙori

Maman Husna: Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu sana'ar alawa ku taimaka mini, jiya na yi asarar sukari kilo guda da gyaɗa. Shekara biyu ina kantun gyaɗa ina kai wa butikoki uku nan unguwar Zariya a Maraɗi, da ido kawai nake aiki, wata rana ya yi kyau wata rana ya ƙone. Sai na sayi ma'aunin zafi irin mai tsinken ƙarfe da lambobi, don an ce mini in ya kai 150 shi ke nan. Na zuba sukari kilo 1, ruwa kofi guda, lemun tsami biyu, na ɗora a gas. Da na ga 150 na sauke na zuba gyaɗa na shimfiɗa a tire. Ya huce, ya yanku, amma ba ya yin ƙas. Lanƙwasawa yake, in ka tauna ya kama haƙori. Mai butiki guda ya maido mini da shi. Na'urar ce ta banza ko ni ce ban iya ba?

Ummi Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Maman Husna duba da kyau, ba a kan °F take ba? Ni haka ta yi mini, akwai ɗan maɓalli a baya da ke canzawa.

Malam na Kimiyya: Ummi tambayarki na kan hanya, amma ba ita ce matsalar nan ba. Da a °F take, 150 ɗin bai kai ko 66 a °C ba, ruwan ma bai fara tafasa ba, kuma da abin da ta samu ruwan sukari ne tsululu, ba abin da za a yanka da wuƙa. Tunda ya daskare har ya yanku, ya yi nisa sosai, bai dai ƙarasa ba. Maman Husna, kafin mu zagi na'urar mu gwada ta. Ki tafasa ruwa zalla a tukunya, ya yi tafasa sosai, ki sa bakin tsinken a tsakiyar ruwan ba tare da ya taɓa ƙarfe ba, ki jira lambar ta tsaya, ki faɗa mana.

Inna ta Bagalam: Jikata ce ke rubuta mini. Ku ƴan zamani kuna ba ni mamaki. Shekara talatin da wani abu ina kantun gujiya da na riɗi, ban taɓa ganin wanga ƙarhe ba. Kwano da ruwan randa, shi ke nan. Ki ɗiga, ki sa hannu ki ɗauko, ki karya. In ya ce ƙas ya yi. In ya lanƙwashe bai yi ba. Mi ya kawo lissahi cikin tukunya?

Zee Kano: Inna gujiya kuma? Ana kantu da gurjiya?

Ummi Sabon Gari: Zee nan Maraɗi gyaɗa ake ce wa gujiya, ba gurjiyarku ta dafawa ba. Ki bar mu da Inna.

Maman Husna: Malam na gwada. Ta tsaya a 99, wani lokaci ta taɓa 98.8. Ke nan ta lalace ko, tunda ruwa a 100 yake tafasa?

Malam na Kimiyya: A'a, lafiyarta lau, har ta ba ni kunya don na ɗauka za mu same ta da ƙarya. Ɗarin nan da muke koya wa yara a aji na bakin teku ne. Duk hawan da ƙasa ta yi na kamar mita 300, tafasar ruwa na sauka da kusan digiri 1. Maraɗi tana sama da teku da mita ɗari uku da wani abu, don haka 99 ko ƙasa kaɗan shi ne daidai a wurinmu. Abin da zai amfane ki a ciki shi ne, duk lambar da kika gani an rubuta ta sukari, ki cire 1. In an ce 150, naki 149 ne. Digiri guda ba shi ya ɓata miki kantu ba, sai mu nemi dalili wani wuri. Yaya kika riƙe tsinken jiya? Kuma wace tukunya?

Maman Husna: Babbar tukunyar alminiyam mai faɗi, don kada ya zubo in ya taso. Tsinken kuwa jingina shi na yi, bakinsa a ƙasa, don tururi na ƙona mini hannu.

Hajiya Mai Iloka: To ga ɓarawon nan an kama. Ƙanwata, gindin tukunyarki kika auna, ba sukarinki ba. Kilo guda cikin tukunya mai faɗi, zurfinsa bai fi gaɓar yatsa ba, ga wutar gas na dukan ƙarfe marar kauri kai tsaye. Ƙarfen ya fi abin da ke cikinsa zafi nesa ba kusa ba. Ni ma da na fara amfani da irinta haka na yi ta sauke iloka da wuri ina cewa madara ce ba ta da kyau. Ki nemi tukunya matsattsiya mai zurfi mai kauri, sukarin ya taru wuri guda ya yi zurfi. In za ki auna ki ɗan karkata ta, ki tsoma bakin tsinken ya nutse sosai amma yana lilo a tsakiya. Hannun kuma ki naɗe shi da tsumma busasshe.

Inna ta Bagalam: Kun gani ko. Ƙarhen ya yi mata ƙarya. Ruwan randa bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Malam na Kimiyya: Inna, da girmanki, ƙarfen gaskiya ya faɗa, an dai tambaye shi abin da ba shi ake nema ba. Kuma ni ban ga faɗa tsakaninku ba, don ke da na'urar abu guda kuke aunawa, wato ruwan da ya rage cikin sukari.

Bari in ɗan buɗe shi, don in an gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Ruwa zalla ba ya wuce zafin tafasarsa komai wutar da aka hura masa. Amma in akwai sukari a ciki, tafasar na hawa, kuma tana ƙara hawa gwargwadon yadda ruwan ke tafiya a tururi. Saboda haka lambar da ke kan na'ura labarin ruwa take ba ki. A wajen 115, sukari ya kai kamar kashi 85 cikin ɗari, ruwa 15. A wajen 150 sukari ya kai kamar kashi 99.

Mu sa shi a kilon Maman Husna. A 115, ruwan da ya rage cikin tukunyarta ya kusa giram 175, fiye da rabin kofin da ta zuba. A tsakanin 132 da 143, inda nake zaton ta sauke, saura kamar giram 50, wato babban cokali uku da ɗan ɗori. A 150 saura kamar giram 10, bai cika cokali guda ba. Tsakanin kantun da ke cewa ƙas da wanda mai butiki ya maido, cokali biyu zuwa uku ne na ruwa a kilo guda. Ido ba ya ganin wannan cikin tukunya mai kumfa. Yatsun Inna na jinsa bayan ya huce a kwano, na'ura kuma na jinsa tun yana kan wuta.

Abban Walid: Ni fa ina ganin ruwan da ta zuba tun farko ne ya yi yawa. Kofi guda a kilo? Matata rabin kofi take sawa kuma nata na yin ƙarau.

Hajiya Mai Iloka: Abban Walid ruwan farko ba ya hana shi kaiwa, lokaci da gas kawai yake ci. Ko kofi uku ka zuba, in ka yi haƙuri sai ya ƙone ya kai inda na rabin kofi ya kai. Aikin ruwan shi ne ya narkar da ƙwayar sukari duka kafin a fara tafasa. In ya yi kaɗan har wasu ƙwayoyi suka rage ba su narke ba, su ne ke jawo sauran ya koma yashi-yashi. Kofi guda a kilo ba laifi.

Abban Walid: To na ji. Amma dai na matata na yin kyau.

Maman Husna: Inna don Allah ki koya mini na ruwan dalla-dalla. Ni in na ɗiga sai ya narke ya ɓace, ban ga komai ba.

Inna ta Bagalam: Ɗiyata kin yi gaggawa ne, da hwari dole shi narke don ruwa ne har yanzu. Ki saurari tukunya tukuna. Da hwari kumhwa na da yawa, ƙanana, suna hwashewa da sauri da ƙara kamar ruwan sama bisa kwano. In anka jima sai su yi manya su yi nauyi, suna tashi a hankali. Sannan za ki hwara ɗigawa.

Ki ɗebo da cokali busasshe, ki zuba kamar rabin ƙaramin cokali cikin kwanon ruwa, ki ƙirga goma, ki sa yatsu ki tattaro. Na hwarko za ki ji shi kamar majina, ba ya taruwa. Gaba kaɗan shi taru shi yi curi mai laushi, in kin hiddo shi bisa tahin hannu shi baje da kansa. Wannan na alawar madara ne. Gaba kuma curin shi yi tauri, sai kin matsa da ƙarhi kahin shi lotsa. Daga nan in kin ɗiga ba ya yin curi, zare yake yi cikin ruwa, in kin ja shi miƙe shi lanƙwashe, in kin sa a baki shi kama haƙori. Nan ne naki ya tsaya. Mutane da yawa nan suke saukewa don sun ga ya yi tauri. Ki ƙara haƙuri kaɗan. Na gaskiya tun yana taɓa ruwa za ki ji ya yi ƴar ƙara, tsat, in kin karya shi karye kamar kwalba, in kin tauna shi wargaje bai bar komai ga haƙori ba.

Kuma kowane gwaji ki zubar da ruwan ki sake sabo, don na hwarko ya yi ɗumi.

Malam na Kimiyya: Inna ta gama karatun, ni lamba kawai zan liƙa masa. Curi mai laushin nan 112 zuwa 116 ne. Curi mai tauri daga 121 zuwa 130. Zare mai lanƙwasa 132 zuwa 143. Mai karyewa kamar kwalba 149 zuwa 154. Daga 160 launi ya fara juyawa zuwa ruwan zuma, kuma daga nan zuwa ɗaci ba nisa. A cire 1 saboda Maraɗi.

Sai dai Inna ki yi mini afuwa, ruwa ma na iya yin ƙarya. Maganar ruwan randa da kika yi ba ƙaramar magana ba ce. In mutum ya ɗebo ruwan famfo da rana a watan Afrilu, wanda ya sha zafi cikin tiyo, ɗigon ba zai huce sosai ba, zai nuna laushi alhali ya riga ya kai, sai a ƙara wuta a wuce wuri. In kuma ruwan ƙanƙara ne daga firigo, zare mai lanƙwasa ma zai iya karyewa a hannu don tsananin sanyi, a sauke da murna, in ya zauna a zafin ɗaki ya saki jiki. Mai sanyin randa shi ne tsaka-tsaki. In ba randa, a fito da ɗigon a riƙe shi ɗan lokaci a iska kafin a karya, sannan a tauna. Haƙori ya fi yatsa faɗin gaskiya a wannan matakin.

Inna ta Bagalam: To ai shi ya sa na ce randa, ban ce hirigo ba.

Nana Tibiri: Salamu alaikum, ban karanta duka ba. Ni ina da ma'aunin zafi na asibiti da na saya lokacin da yarona ke zazzaɓi, zan iya sa shi?

Hajiya Mai Iloka: Nana kada ki kuskura. Wancan iyakarsa arba'in da biyu ko kusa da haka, don jikin mutum aka yi shi. In na kwalba ne mai ruwan azurfa a ciki fashewa zai yi, abin cikinsa guba ne, ki zubar da tukunya da abin da ke ciki. Na leda kuma narkewa zai yi. Wanda ake nufi na girki ne, a jikin kwalinsa za ki ga ya kai 200 ko 300.

Ummi Sabon Gari: Tunda an tara masana bari in shigo da tawa. Ni alawar madara ce ke ba ni wahala. Wata rana ta ƙi kamawa, ta zauna kamar kunu mai kauri sai da cokali. Wata rana kuma tun ina tuƙawa ta bushe ta farfashe a tukunya kamar garin rogo. Gwangwanin awo guda nake amfani da shi kullum, madara guda.

Hajiya Mai Iloka: Ummi awonki ba shi da laifi, wurin saukewa ne ke yawo. Tagar alawar madara ƙarama ce ƙwarai, digiri huɗu ne kacal. Ranar da ta zama kunu kin zuba madara sukari bai kai curi ba. Ranar da ta farfashe kin bari ya kai curi mai tauri, ruwan da zai jiƙa garin madara ya riga ya tafi. Ki riƙa saukewa daidai lokacin da curin ke taruwa amma in kin ɗora a hannu ya baje. Kuma ke kada ki sa lemun tsami ko kaɗan. Maman Husna so take nata ya fito garau kamar gilashi, shi ya sa take sa tsami ya hana shi komawa ƙwaya. Ke kuwa so kike ya koma ƙwaya, amma ƙanana sosai da harshe ba zai ji su ba, shi ne taushin nan na alawar madara. Tuƙin da kike yi bayan kin sauke shi ke kawo wannan.

Ummi Sabon Gari: Ikon Allah. Ni kuwa ganin ana sa lemu a kantu na fara ɗan matsawa a tawa. Ashe ni na kashe ta da hannuna.

Maman Husna: Jama'a na dawo, na sake yi da yamman nan, rabin kilo don tsoron asara. Na ari ƙaramar tukunya mai kauri wurin maƙwabciyata. Ga yadda ta kasance.

Sukari giram 500, ruwa rabin kofi, na juya a ƙaramar wuta har na daina jin ƙwaya a ƙarƙashin cokali, sannan na matsa lemu rabi na daina juyawa. Ya fara tafasa. Daga nan ya yi ta rarrafe, na fi minti goma bai wuce 112 ba har na ɗauka na'urar ta tsaya. A 114 na ɗiga, curi mai laushi kamar yadda Inna ta ce, har na yi dariya ni kaɗai a madafa. Da ya wuce 125 sai ya kama gudu. Da gangan na sauke tsinken ya taɓa gindi, ya nuna 147, na ɗaga shi tsakiya ya dawo 138. Na ɗiga, zare mai lanƙwasa, ya kama haƙori, sak irin na jiya. To a nan na yarda.

A 146 na sauke tukunyar don in gwada da ruwa. Kafin in gama karyawa in duba, na'ura ta nuna 150 a ƙasa ba wuta. Ɗigo na biyu ya ce ƙas. Na zuba gyaɗa. Matsala guda, ya daskare mini da sauri ban gama shimfiɗawa ba, gefe guda ya yi kauri kamar bulo.

Hajiya Mai Iloka: Barka! Kuma kin gano abu biyu da kanki. Na ɗaya, gudun nan na ƙarshe. Ruwa ya kusa ƙarewa, ba abin da ke shanye zafin, shi ya sa daga 130 zuwa sama ba a amsa waya, ba a leƙa yaro. Ni ina rage wuta tun a 135. Na biyu, tukunya mai kauri na ci gaba da dafawa bayan an sauke, don haka a sauke saura digiri uku ko huɗu. Masu gwajin ruwa su ma su riƙa janye tukunya daga wuta yayin da suke gwadawa, in ba haka ba amsar da kwano ya ba ki ta minti guda da ya wuce ce. Masu gawayi abin ya fi shafa, don ba a rage shi da maɓalli, sai dai a ɗauke tukunya ko a janye rushi.

Abban Walid: Daskarewar nan gyaɗa mai sanyi ce. Tana maida sukarin baya, in ya kai 150 ta dawo da shi 130, ka ga ya koma mai kama haƙori ke nan. Ƙila ma shi ne ya faru jiya.

Malam na Kimiyya: Rabin maganarka daidai ne Abban Walid. Gyaɗa mai sanyi na sauke zafin nan take, shi ya sa ya kama kafin ta shimfiɗa. Amma ba ta maida shi matakin baya. Ruwan da ya tafi ya tafi, hucewa ba ta dawo da shi, ai ko ba gyaɗa hucewa zai yi. Abin da ke maida shi baya ruwa ne, misali gyaɗar da ba ta soyu ta bushe sosai ba, ko tiren da aka wanke ba a goge ba. Maman Husna ki zuba gyaɗar da ɗuminta, ki shafa wa tire da muciyar murzawa mai tun kafin ki kunna wuta. Wannan maganar ma na da amfani ta wani gefen: in kin zarce inda kike so amma launi bai juya ba, ki sauke, ki ƙara ruwan zafi kaɗan a hankali kina nesa da fuska don yana tartsatsi, ki sake hawa. In ya yi ja ya fara ɗaci kam babu komawa.

Zee Kano: Ni duk wannan wahalar ban gane ta ba. Mu sukari muke zubawa a kasko ba ruwa ko ɗigo, ya narke ya yi ja, mu juye gyaɗa. Minti biyar an gama, kuma bai taɓa kama haƙori ba.

Inna ta Bagalam: Wannan ƙonannen sukari ne ɗiyata, ba dahwahwe ba. Yara na ci, amma ba shi ake kai wa gidan biki ba.

Hajiya Mai Iloka: Inna ni kam a nan ban bi ki ba. Hanyar Zee hanya ce, kuma masu saye da yawa sun fi son ƙamshin jan. Ba ya kama haƙori don babu ruwa tun farko, kuma sukari ba ya narkewa a busasshen kasko sai ya wuce matakan nan duka. Inda take da haɗari shi ne yawa. Kofi guda ko biyu yana narkewa daidai. Kilo guda kuwa na ƙasa ya ƙone na sama bai narke ba, sai an riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan. Wanda ke son fari mai haske da za a ga gyaɗa ta ciki, dole ya bi ta ruwa.

Zee Kano: To ni dai kwastomomina ba su taɓa cewa ƙonanne ba ne.

Nana Tibiri: Ni tsorona ƙuna. Ƙanwata ya taɓa zubo mata a hannu, aka shafa mata man goge baki, har yau da tabo.

Malam na Kimiyya: Allah ya ƙara sauƙi. Sukari a 150 ya fi tafasasshen ruwa mugunta don yana manne wa fata. Ruwa mai sanyi ake ta zubawa a wurin kamar minti 20, ba man goge baki, ba ƙwai, ba ƙanƙara kai tsaye. In wurin na da faɗi ko ya tashi sosai a tafi likita. Kuma kada a taɓa sa yatsa cikin cokali, sai abin ya shiga ruwan kwano tukuna.

Maman Husna: Ina kwananku. Sabon labari kuma. Jiya da dare kantun ƙas-ƙas, har maigida ya ci uku. Na bar shi a tire na rufe da faranti. Yau da safe samansa ya yi naso yana manne wa yatsa, amma in ka karya cikin na nan da ƙarfinsa. Ko dai bai kai ba har yanzu?

Hajiya Mai Iloka: Ya kai. Bambancin ke nan: wanda bai kai ba, har cikinsa lanƙwasawa yake tun ranar farko. Wanda sama kawai ya yi danƙo bayan ya kwana, laimar iska ya sha. Watan Agusta muke, ga ruwan da aka yi shekaranjiya. Dafaffen sukari na jan danshi kamar gishiri. In hunturu ya shigo za ki bar shi a buɗe kwana biyu bai yi komai ba. Yanzu kam da ya huce ki yanka ki ƙulla a leda nan take, ki sa a bokiti mai murfi. Kada ki sa a firigo, in kin fito da shi raɓa za ta kwanta masa. Da damina ni ina kai shi can saman tagar, 152 ko 153, kuma ina yin kaɗan-kaɗan yadda zai ƙare cikin kwana biyu.

Malam na Kimiyya: Ki kuma duba lemun. Tsami na raba wani ɓangare na sukarin gida biyu, kuma ɗaya daga cikin biyun, irin wanda ke cikin zuma, ya fi kowane jan danshi. Kaɗan na hana yashi, mai yawa na kawo naso. Lemu biyu a kilo da kika sa ranar farko ya yi yawa a ganina. Ki gwada ƙaramin cokali guda na ruwan lemu a rabin kilo, ki auna da cokali don lemu wani ya fi wani ruwa.

Inna ta Bagalam: Ni ban sa lemu sam. Murhi nake ɗorawa in ya hwara tahwasa, tururi shi wanke ƙwayoyin da sunka manne a gehen tukunya, in buɗe, kuma ban sake sa cokali ciki. Bai taɓa yi mini yashi ba.

Hajiya Mai Iloka: Hannunki ne Inna. Ni na gwada ba lemu sau biyu, duka biyun ina zuba gyaɗa ina juyawa ya koma fari ya wargaje. Ban sake ba.

Inna ta Bagalam: Kin cika juyi ne. Sau uku ake juyawa a juye.

Maman Husna: To zan raba kilo gida biyu ranar Asabar, rabi da ƙaramin cokali na lemu, rabi ba lemu da murfi irin na Inna, in ƙulla su a leda daban in ga wanda zai fara naso. Inna in na Hajiya ya fi, jikarki ce za ta karanta miki, ba ni ba.

Ummi Sabon Gari: Maman Husna in kin gama ki ara mini na'urar kwana guda, ina so in ga ko curin da nake kira mai laushi ya kai 112 ɗin ma.